Soke kwangila: don ka ga dama ne, ko don an saɓa maka?

"Na ba wani ɗan kwangila ginin gida a Kano kan naira miliyan 20, muka sa hannu a takarda. Na biya miliyan 12. Wata huɗu ke nan da cikar wa'adi, gini bai wuce linta ba, kuma injiniya ya ce rodin da ya sa bai kai wanda muka rubuta ba. Na gaji. In rubuta masa cewa na fasa kawai, ko in lissafa laifukansa?"

Alhaji, kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ɗauko takardar nan ka karanta sashen da ya yi magana kan sokewa. Hanyoyi biyu ne, kuma kuɗin da ke bayan kowacce daban ne.

Ta farko ita ce sokewa don ganin dama: ka janye ba tare da ka ɗora wa kowa laifi ba. Wannan ba haƙƙi ne da kowa ke da shi ba. Sai in yarjejeniyarku ta ba ka shi a rubuce. In babu wannan sashe ka ce ka fasa kawai, kotu na iya ɗaukar cewa kai ne ka karya alkawari, kuma yana iya neman ribar da zai ci a sauran aikin. In akwai shi, za ka ba da wa'adin da aka rubuta, ka biya aikin da aka yi da kayan da ya saya domin gininka. A ce mai ƙiyasin gini ya auna ya samu aikin miliyan 9, ga siminti da bulo na miliyan 1 da rabi a fili. Abin da zai dawo maka miliyan 1 da rabi ne, in takardar ba ta ƙara masa wani abu ba. Tsadar da za ka tarar wajen sabon magini kuwa kai za ka ɗauka.

Ta biyu ita ce sokewa don ya saɓa yarjejeniya. Nan lissafi ya juya. In sabon magini ya ce zai gyara ya kammala kan miliyan 15, gidan ya tsaya maka 27 maimakon 20, kuma wannan miliyan 7 kana iya bin tsohon ita a matsayin diyya. Amma kai ne za ka tabbatar da laifin, kuma ba kowane laifi ke isa a soke kwangila ba. Fenti da bai yi kyau ba gyara ake nema. Rodin da bai kai ba a ginshiƙi magana ce da ta taɓa tushen aikin. Jinkiri kuma, in ka yi ta haƙuri wata huɗu ba ka rubuta komai ba, sai ka fara sa masa sabon wa'adi mai ma'ana a rubuce kafin ka kafa hujja da shi.

Shi ya sa wannan hanya yawanci wasiƙa biyu take ci. Ta farko gargaɗi: "Bisa sashe kaza na yarjejeniyarmu mai kwanan wata kaza, ya kamata a kammala aiki ranar kaza, ba a kammala ba. An rubuta rodi mai milimita 16 a ginshiƙai, rahoton injiniya da ke haɗe ya nuna an sa mai 12. Ina ba ka kwana kaza ka gyara, in ba haka ba zan soke kwangilar." Sai wa'adin ya cika cif, sannan ta biyu: ta ambaci wasiƙar farko, ta ce ba a gyara ba, ta faɗi ranar da kwangila ta ƙare, da ranar da za a haɗu a auna aiki, ta rufe da cewa kana riƙe da duk haƙƙinka na neman diyya.

Wasiƙar ganin dama kuwa gajeruwa ce, ba zargi a cikinta ko kaɗan: "Bisa sashe kaza, ina sanar da kai cewa kwangilar za ta ƙare ranar kaza. Ka dakatar da aiki da sayen kaya, ka kawo lissafinka da rasidai cikin kwana kaza." Shi ke nan.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ci mini rai, domin kusan duk mako sai na ga irinsa. Mutum ya zuba miliyoyi a gini, amma ranar rabuwa sai ya aika saƙon murya a WhatsApp da tsakar dare: kai maci amana ne, kada in ƙara ganinka a filina. Washegari ya canja kwaɗo, ya kawo wasu leburori. Ba gargaɗi, ba hoto, ba wanda ya auna inda aikin ya tsaya. Bayan sati biyu sabon magini ya shafe rodin nan da filasta, hujjar ta shige bango. Mai laifi ya koma mai ƙara, kuma yana da abin faɗa, tun da an kore shi ba bisa ƙa'idar da aka sa wa hannu ba. Wani kuma bayan ya ga laifin ƙuru-ƙuru sai ya ƙara biyan wani kaso, ya yi shiru, alhali wannan ana iya ɗaukarsa a matsayin ya yarda a ci gaba. Kuɗin da lauya zai karɓa ya duba maka wasiƙa kaɗan ne a kan miliyoyin da ka zuba a gini, amma nan ne muke tsumulmula. Alhaji, ka ɗauki hotuna masu kwanan wata, ka karɓi rahoton injiniya da sa hannunsa, ka aika wasiƙa ta hanyar da takardar ta ce kuma zuwa adireshin da ke ciki, ka sa a sa hannu an karɓa. In yarjejeniyar da Turanci take, wasiƙar ma ta bi ta. Da hujjar da ka bayyana, ni hanya ta biyu zan bi, amma kada kowa ya taɓa ginin nan kafin a auna.

"Shekara biyu ina kai abinci wata makarantar kuɗi. Sun aiko mini takarda cewa nan da kwana 30 an gama, ba su faɗi dalili ba. Ban iya barci ba. Na yi wani laifi ne?"

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wasiƙar da ba ta ambaci laifi ba, ba ta zarge ki da komai ba, sunanki a kasuwa yana nan. Ki duba ko takardarku ta ba su damar haka da wannan wa'adi. In ta ba su, ki ci gaba da kai abinci yadda kika saba har rana ta ƙarshe, don kada ke ki zama mai saɓawa, ki daina sayen buhunan da suka wuce buƙatar wata ɗaya, ki haɗa duk bashin da kike bin su ki miƙa a rubuce. In kuwa an rubuta har ƙarshen shekarar karatu ne ba wata ƙofar fita, ki ga lauya kafin ki sa hannu a kowace takardar da ta ce kin yafe sauran haƙƙinki.

"Mai kawo mini kaya bai yi laifi ba, amma na samu mai araha. Zan iya rubuta cewa kayansa ba su da kyau don in tsira daga biyansa?"

A'a, Malam. Kayan da ka yi shekara kana karɓa kana sa hannu, yau ne suka lalace? Takardun karɓar nan suna hannunsa, kuma su zai kai gaban alƙali. Ka kira shi ku zauna ku yi sulhu, ka biya abin da ka karɓa, ku rubuta ranar rabuwa ku duka ku sa hannu.