Girkin mai hawan jini: ba gishiri kaɗai ba ne

"Maigida, an ba ni odar abincin wani dattijo mai hawan jini, likita ya ce ya rage gishiri. In ƙara magi a madadinsa?"

Kai yaro, magin da me aka yi shi? Kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne. Farin magi ma sinadarin sodiyam ne a cikinsa, haka kanwa, kuma sodiyam ɗin ne likita ke gudu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da na burodi da yajin tsire.

Irin wannan tunanin naka ne ya ja wa shagon nan asarar odar wata guda. Gidan wani Alhaji ne, an ce kar a cika gishiri. Yaron da ke kan tukunya bai sa gishiri ko kaɗan ba, amma ya marmasa dunƙule shida a miyar kuka, ya tsiyaya ruwan kanwa, wai don ta yi yauƙi. Da aka auna jinin Alhaji bai sauka ba, uwargidansa ta riƙe kuɗin gaba ɗaya, har na shinkafa da naman da aka cinye tas. Yaran yanzu, in aka ƙwace muku magi sai ku tsaya kuna kallon tukunya.

Ga yadda za ka yi miyar kuka ta mutum huɗu. Soya babbar albasa ɗaya a ɗan mai, wuta ƙasa-ƙasa, har ta yi ja. Nan zaƙin yake, in ka yi gaggawa ta ƙone sai ɗaci. Daka daddawa biyu da tafarnuwa, citta, masoro da attarugu, ka zuba a romon nama, ka bari ta nuna sosai. Daddawar da ba ta nuna ba wari take yi, ba daɗi ba. Ka fara ɗanɗana ta tun wurin saye, don wasu na sa mata gishiri. Kifi banda kuwa, jiƙa shi a ruwan zafi ka zubar da ruwan. Kada ka cika ruwa, romo mai kauri shi ke riƙe ɗanɗano. Kaɗa kuka ba sai na koya maka ba, ita da kanta tana yauƙi ba kanwa.

Gishiri sai a ƙarshe, rabin ƙaramin cokali ga tukunyar duka, aunawa za ka yi, ba ɗiba da hannu ba. A faten tsaki ko wake, tsami ne zai cece ka: yakuwa, ruwan tsamiya, ko lemun tsami bayan an sauke. Wake kuma ka jiƙa shi ya kwana, zai yi laushi ba kanwa.

Satin farko dattijon zai ce abinci salam. Kar ka ƙara masa, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gishirin nan na fotashiyam da ake sayarwa kuwa, kar ka taɓa shi sai likitansa ya yarda, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda.