Shin in biya a rubuta mini bayanin atamfofina?

Tambaya: Ina saro atamfa a Kantin Kwari, ina sayarwa ta Instagram da WhatsApp. Wani marubuci ya ce zai rubuta mini bayanin kaya 40 tare da gajeren talla, kowanne a kan naira 1,500. Shin in biya? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, ki fara da lissafi. Jimillar kuɗin naira 60,000 ce, don haka idan ribarki a kowane turmi naira 2,000 ce, sai rubutun ya jawo miki cinikin turmi 30 a kan wanda kika saba yi kafin ki mayar da kuɗinki. Matsalar atamfa ita ce zane yana ƙarewa a kasuwa, kuma ranar da ya ƙare, bayaninsa ya tashi aiki. Saboda haka ban ga dalilin biyan 40 a tashi ɗaya ba. Ki ba shi kaya uku na gwaji, waɗanda kike da tabbacin za ki ci gaba da samunsu.

Tun kafin ya kawo aikin za ki gane ko ya san sana'arsa, domin ƙwararre tambayoyi yake fara yi: auduga ce zalla ko da haɗin roba, turmin ya cika yadi shida, yana zuba idan an wanke, kuma kwana nawa saƙo yake yi kafin ya isa Kaduna ko Abuja? Wanda bai tambayi komai ba zai kawo miki "atamfa mai kyau da inganci, sai wanda ya gani", maganar da ta dace da kowane zane a kasuwar, alhali mai saye ba ta iya taɓa kayan da hannunta, rubutun ne yake maye mata gurbin taɓawar. Ki kuma duba layin farko da kyau, domin Instagram yana yanke dogon bayani ya ɓoye sauran, don haka nau'in atamfar da farashinta su zo a gaba.

Kada ki yarda ya ƙara gishiri. Idan ya kira atamfar Holan alhali kwaikwayo ce, ke za a dawo wa da kaya, kuma sunanki ne zai ɓaci, ba nasa ba.

Ki sa bayanan ukun na mako biyu ba tare da kin sauya hoto ko farashi ba, sannan ki lura ko tambayoyin "yadi nawa ne?" da "nawa ne?" sun ragu, masu turo kuɗi kuma sun ƙaru. Idan haka ta faru, ku rubuta yarjejeniya: rabin kuɗi a farko, gyara sau ɗaya kyauta, kuma rubutun ya zama mallakinki, kada ya sayar wa wata mai irin kayanki.