Layin da aka soke ba lallai fasa ciniki ba ne

"Maigida, takardar cinikin Alhaji na Kantin Kwari ta rikita ni. Wasu layukan an soke su, wani kuma an rubuta shi sau biyu. Wanne zan haɗa, wanne zan bari?"

Ɗana, ajiye na'urar lissafin tukuna. Takarda ita kaɗai ba za ta raba maka gardama ba, sai ka kira mata shaidu biyu, kaya da kuɗi.

Ɗan kasuwa na soke layi ne saboda ɗayan abu uku. Ko an fasa ciniki, ko an yi ragi ya gyara farashi, ko kuma bashi ne aka zo aka biya. Na ukun nan shi ke kayar da sababbi irinku, don da kun ga zane sai ku tsallake, alhali kaya sun fita, kuɗi sun shigo.

Duba takardar da ke hannunka. Atamfa ce, turmi naira 12,000. Turmi 3 a 36,000, wannan ba magana. Turmi 2 an soke 24,000 an rubuta 23,000 a gefe, ragi ke nan, sai ka ɗauki na gefen. Saura guda biyu masu rigima: turmi 5 na 60,000 da ya fito sau biyu, da turmi 4 na 48,000 da aka soke ba a rubuta komai kusa da shi ba.

Yanzu je ka kanta. Da safe turmi 40 ne, da yamma saura 26, wato 14 sun fita. Da biyar ɗin nan ciniki biyu ne, da ka samu 15 ko 19. Da an fasa na huɗun, da 10 ne kawai suka fita. Ba yadda 14 za ta fito sai 3 da 2 da 5 da 4. Ka lura ma layuka biyun na turmi 5 ba hannu ɗaya ba ne: yaron shago ya rubuta lokacin da Alhaji ya tafi sallar azahar, shi kuma da ya ga alat a waya ya sake rubutawa. Jimilla 167,000.

Sai kuɗi su tabbatar. Bayan ka ware canjin da aka buɗe shago da shi, akwai 102,000 a aljihun tebur, taransifa ɗaya ta 60,000, an kashe 5,000 a dako da abinci. Ya yi daidai.

Amma da a ce 48,000 ɗin bashin jiya ne, kuɗin zai shigo, turmi ba zai ragu a kanta ba. Wannan a shafin karɓar bashi yake zama, ba ya shiga cinikin yau. Layin da kuma ya gagare ka, kada ka goge shi, ka sa masa alama da jan biro ka tambayi Alhaji kafin a rufe shago, don gobe shi kansa ba zai tuna ba.