Awon Iskar Jini Ya Nuna 91: A Tafi Asibiti Ko A Jira?

"Baba yana tari da zazzaɓi. Na'urar yatsa ta nuna 91, zafin jiki 38.6, hawan jini 150/95. Wanne ne abin tsoro?"

Allah ya ba Baba lafiya. Cikin ukun nan, 91 ɗin ne ya fi damu na. Ga mai lafiya, iskar jini tana tsayawa tsakanin 95 da 100. Amma na'urar tana kuskure: yatsa mai sanyi, jan farce ko motsi duk suna rage lambar, kuma a kan fata mai duhu takan nuna sama da gaskiya. Ki ɗumama masa hannu, ya zauna shiru, ki jira minti ɗaya lambar ta tsaya. Ki duba lambar da ke ƙarƙashin rubutun SpO2 a fuskar na'urar, ita ce ta iskar jini, don ɗayar bugun zuciya ce. In ta nace a 92 ko ƙasa, ku tafi asibiti yanzu, kada ku jira gari ya waye.

Zafin 38.6 zazzaɓi ne, tunda daga 38 ake farawa, amma shi kaɗai ba gaggawa ba ne ga babba. Jariri ɗan ƙasa da wata uku ne ake gudu da shi da zarar ya kai 38.

Hawan jinin kuwa ya hau, sai dai ciwo kan ɗaga shi. Ya huta minti biyar, dantsensa daidai da ƙirji, a sake awo. Wanda ba a jira shi ne 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko karkacewar baki. In Baba ya fara ruɗewa ko leɓɓansa suka sauya launi, ki ajiye na'urorin ku kama hanya.