Takardar tallar buɗe shago: me ya sa ba a ganin ranar?

Tambaya: Malam, na haɗa takardar tallar buɗe shagon ɗinkina a manhajar Canva, na sa komai da komai a ciki. Amma duk wanda na tura wa sai ya dawo yana tambayata, "Yaushe ne?" Ina na kuskure?

Amsa: Malama, mai duba takardar talla ba ya karanta ta daga sama zuwa ƙasa kamar wasiƙa. Idonsa kan faɗa kan rubutu mafi girma, sannan ya sauko kan mai bi masa. Idan duk layukan girmansu ɗaya, ido ya rasa inda zai fara, ranar kuwa sai ta ɓace a tsakiyar cunkoso.

Ki raba rubutun mataki uku. A takarda mai girman A5, ki sa "Bikin buɗe shago" da sunan shagon a girman haruffa 54. Rana da lokaci, misali "Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 10 na safe", su zo a 28, da haruffa masu kauri. Adireshi da lambar waya su tsaya a 14. Kin ga kowane mataki kusan rabin na samansa ne. Bambancin girman 30 da 28 bai isa ba, ido ba ya bambanta su. Salon haruffa kuma biyu sun wadatar.

Sai tazara, wadda ita aka fi yi wa rowa. Mutane na ganin fili a takarda asara ne, alhali shi ke nuna wa mai karatu abin da ke tare da wani. Rana da lokaci su kusanci juna, sannan ki bar fili tsakaninsu da adireshi, ninki biyu na wanda ke tsakanin layukansu. A gefuna huɗu ki bar milimita 10 babu rubutu, don wuƙar maɗaba'a ba kullum take yanka daidai ba. Kada ki ɗora rubutu kan hoto mai zane da yawa, ki ba shi fili mai launi ɗaya.

Kira kuma ɗaya tak. Idan kika ce a zo, a kira waya, a bi shafinki, a tura wa wasu, kin raba hankalin mutum gida huɗu. Abin da kike so shi ne a halarta, to "Ku zo ranar Asabar" ya zauna shi kaɗai cikin akwati mai launi daban. Jerin ɗinkunan da kike yi ki cire shi, za su gani a shagon.

Kafin ki buga, ki nuna wa wanda bai san zancen ba a fuskar waya na daƙiƙa 5, ki kife wayar, ki tambaye shi me za a buɗe, yaushe, a ina. Duk wadda ya kasa amsawa, wannan layin za ki ƙara wa girma ko fili.