Kaka Zai Yi Jawabi Ranar Sunan Jikarsa: Bidi'a Ce?

Tambaya: Malam, 'yata ta haihu mace ranar Alhamis da hantsi a gidana nan Zariya, haihuwar fari ce, ta zo wankan jego. Ina so ranar suna, wato Alhamis mai zuwa a lissafina, bayan liman ya yi addu'a, in tashi in yi wa jaririyar maraba, in sa mata albarka, in gode wa waɗanda suka zo. A cikin jawabin ne nake so in sanar cewa na sa mata sunan marigayiya matata, kakarta. Ban faɗa wa uban ba tukuna, amma ya ce mini, “Baba, duk yadda kuka yi daidai ne.” Wani ɗalibi a masallacinmu ya ce jawabi a taron suna bidi'a ce, kuma kwaikwayon waɗanda ba Musulmi ba ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Alhaji, Allah Ya raya ta bisa Musulunci, Ya ba mai jego lafiya, Ya jiƙan uwargida. Jawabinka halal ne, addu'a da godiyar da ke cikinsa kuma abin so ne. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne maganar sunan.

Raɗa suna haƙƙin uba ne, ko da a gidanka aka haihu, ko da kai ka sayi ragon. Uba na iya wakilta ka, kuma mutanen kirki da yawa suna bar wa iyayen mace sunan haihuwar fari don girmamawa. To amma ka duba lafazin surukinka. A kan me ya ce “duk yadda kuka yi daidai ne”? In kuna zancen goro da tabarmi da wanda za a gayyato ne, wannan bai kai ga suna ba. Kai ma ka san suruki ba ya iya ɗaga ido ya musa wa uban matarsa. In ka furta sunan a gaban jama'a, ka rufe masa baki, zai yi murmushi ya amsa gaisuwa alhali wataƙila tun ranar haihuwa ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa. Sau da yawa abin da aka karɓa don kunya ba ya zuwa da yardar zuciya, kuma 'yarka ce za ta koma gidan ta zauna da abin da ya biyo baya. Ka aika wani wanda ba ya jin nauyinsa, kamar yayan mai jego ko abokinsa, ya tambaye shi a keɓe kafin Laraba. In ya yarda, sanar da sunan da bakinka. In yana da nasa, nasa za a raɗa, kai kuma babu mai hana ka kiran jikarka da laƙabin da zai tuna maka da marigayiya.

Game da maganar ɗalibin nan, ina kyautata masa zato, tsoron bidi'a abin yabo ne, amma ya ɗora hukuncin a inda ba wurinsa ba. Abin da shari'a ta tsara a rana ta bakwai shi ne yanka da aski da suna. Waɗannan ba ka ƙara musu komai ba, ba ka rage ba. Tsayuwar dattijo ya yi wa baƙinsa magana al'ada ce, kamar shimfiɗa tabarma da rabon dabino, kuma asalin al'ada halacci ne har sai dalili ya hana. In ya ce Sahabbai ba su yi ba, sai a tambaye shi wanne daga cikin abubuwa uku na jawabinka ne ba su yi ba. Sa albarka? Abu Musa al-Ash'ari ya kai ɗansa wurin Annabi (SAW), ya raɗa masa Ibrahim, ya tauna dabino ya sa masa a baki, ya roƙa masa albarka. Godiya? “Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.” Ko kuwa shigar kaka cikin lamarin? Annabi (SAW) shi ya yi wa Hasan da Husaini yanka, kuma kakansu ne na wajen uwa, daidai matsayinka a wurin wannan yarinya. Abubuwa uku da kowanne ya halatta ba sa zama haram don an jera su cikin minti biyar. Kamanceceniya da aka hana kuwa ita ce a abin da ya keɓanci addinin wasu ko ya zama alamarsu, godiya ga baƙo ba ta wani addini ba ce. Inda maganarsa za ta yi ƙarfi shi ne in aka mai da jawabin sharaɗi, ana ganin suna bai cika ba sai da shi, ko aka tsara masa lafazi ana cewa sunna ne. Ba ka yi nufin ko ɗaya ba. Kada kuma ka tanka masa a cikin jawabin.

Babu lafazin barka da ya tabbata daga Annabi (SAW) a wannan wuri, saboda haka ka yi da Hausarka. An samo daga magabata suna cewa Allah Ya sanya shi mai albarka gare ka da al'ummar Muhammadu. Ka kuma nema mata tsari da abin da Annabi (SAW) yake nema wa jikokinsa biyu: tsarin cikakkun kalmomin Allah daga kowane shaiɗan da kowace dabba mai dafi da kowane ido mai cutarwa. In ka yabi kyanta ka haɗa da “tubarkalla”. Abu ɗaya nake ji maka tsoro, domin na ga dattawa da yawa hawaye ya ci ƙarfinsu a irin wannan wuri sun ce “wance ta dawo”. Na san ƙauna ce, amma kada ka faɗa. Mamaci ba ya dawowa a jikin jariri, yara kuma suna sauraro. Ka ce ta ci sunan kakarta, Allah Ya sa ta gaji halinta na kirki.

Wajen godiya, kada ka lissafa wanda ya kawo turmin atamfa da wanda ya ba da kuɗi kaza. A cikin zaune akwai wanda ya tako da ƙafa daga Tudun Wada ba shi da ko kuɗin mota, kuma zuwansa bai gaza na kowa ba. “Allah Ya saka muku da alheri” ta wadatar, hadisi ya ce wanda ya faɗe ta ya kai matuƙa wajen yabo. Dangin uba kam ka ambace su da farko, ka gode musu a kan riƙon 'yarka, wannan zai yi mata amfani fiye da kayan barka. Ka taƙaita, masu zuwa suna da sassafe ma'aikata ne da 'yan kasuwa.

Lissafinka na rana daidai ne a mazhabar Malik: tunda bayan alfijir aka haife ta, ba a ƙirga ranar haihuwa, bakwai ta faɗa Alhamis mai zuwa. Rago ɗaya ya isa, a yanka da hantsi. Malamanmu sun karhanta a mai da naman aƙiƙa walimar da ake gayyato mutane don ita, don haka ku ci, ku aika wa maƙwabta da mabuƙata, baƙi kuma a dafa musu wani abin daban gwargwadon hali, ba tare da cin bashi ba.

Wallahu a'alam.