Me ya sa lissafina bai yi daidai da na shafin sakamako ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗaliba ce ni daga Ɗorayi, Kano, ga hoton sakamakona na zangon farko. Kwas shida na yi: A biyu, B ɗaya, C biyu, D ɗaya. Na haɗa makin na raba da shida, na samu 3.67, amma shafin makaranta ya nuna GPA 3.31. Ko kuskure suka yi?

Amsa: 'Yata, na duba hoton, babu kuskure. Kin tsallake layin da ke gefen sunan kowane kwas ne, wato layin yunit. Kwasa-kwasai ba nauyinsu ɗaya ba. Mai yunit huɗu daidai yake da a ce kin zana mai yunit ɗaya har sau huɗu.

A tsarin maki biyar, A tana da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa sifiri. Sai ki ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa. Ga naki:

```
A: 5 x 2 = 10
A: 5 x 1 = 5
B: 4 x 3 = 12
C: 3 x 3 = 9
C: 3 x 3 = 9
D: 2 x 4 = 8
53 / 16 = 3.31
```

Jimlar maki 53, jimlar yunit 16, kuma da yunit ake rabawa, ba da yawan kwas ba. A ɗin nan biyu da suka faranta miki rai, gaba ɗayansu yunit uku ne, ita kuwa D ɗin da kika ci a kwas ɗin lissafi ita kaɗai huɗu ce. Ita ta janyo ki ƙasa. Da B kika ci a lissafin, 8 ta koma 16, jimla ta zama 61, ki tashi da 3.81. Shi ya sa nake roƙon ɗalibai su duba yunit kafin su raba lokacin karatunsu. Abin yana damuna, domin 3.50 ce mashigar digiri mai daraja ta biyu ta sama, kuma na sha ganin masu ƙoƙari suna rasa ta a kan kwas ɗaya mai nauyi.

Idan sakamakon zango na biyu ya fito, kada ki haɗa GPA biyu ki raba gida biyu. A ce kin ɗauki yunit 22 kin samu 4.00, wato maki 88. Sai ki haɗa 53 da 88 ya ba ki 141, ki raba da yunit 38, CGPA ɗinki, wato GPA na zangunan a haɗe, 3.71 ke nan. Rabawa biyu 3.66 za ta ba ki.

Sai batun F. Ba ta kawo maki ko ɗaya, amma yunit ɗinta yana cikin abin da ake rabawa da shi, don haka kada a cire ta. Idan wata rana kin bi wannan hanya kuma lissafi ya ƙi yin daidai, fara duba ko hoton ya yanke wani kwas daga ƙasa, ko akwai wanda ba a shigar da makinsa ba. In komai ya cika, ki ɗauki takardar rajistar kwas ɗinki ki je wurin jami'in jarrabawa na sashenku.